Ƙarfe Nawa Ne a Can?

 Sharhinmu na yau a kan lissafin agogo ne: idan ƙarfe kaza ne a nan, ƙarfe nawa ne a can inda ɗan uwanka yake zaune, kuma yaushe ya dace ka buga masa waya.

A yau da wuya ka zaga unguwa a Kano, ko Zariya, ko Maraɗi, ka rasa gidan da yake da wani a ƙetare. Wannan yana karatu a Masar ko Indiya, wancan yana fatauci a Dubai ko ƙasar Sin, wata kuma tana aikin jinya a Birtaniya ko Amurka. Kiran waya ta intanet ya sauƙaƙa zumunci ƙwarai, amma bai haɗa mana agogo ba. Shi ya sa ƙorafi iri biyu ba sa ƙarewa. Na gida suna cewa, "Mun yi ta kira ba ta ɗauka ba." Ta can kuma tana cewa, "Ƙarfe 4 na asuba fa suka tashe ni, na zaci rasuwa aka yi." Kowa da gaskiyarsa, lissafi ne kawai ya saɓa.

Abin da nake so mu riƙe shi ne, tazarar agogo tsakanin gari da gari ba haddarta ake yi sau ɗaya a ajiye ba, domin takan canza. Kafin ka fara lissafi sai ka san abu uku: wane gari ne, wace rana ce ta wane wata, sannan garin yana gabas da kai ne ko yamma.

Bari mu faro daga tushe. Duniya tana juyawa ne zuwa gabas, tana kammala juyi guda cikin awa 24. Masana sun raba kewayenta zuwa digiri 360. Idan ka raba 360 gida 24 za ka sami 15. Wato duk tafiyar digiri 15 zuwa gabas, rana tana riga fitowa da awa ɗaya, ko kuma minti 4 a kan kowane digiri. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai kimanin digiri 8, shi ya sa da azumi mutanen Maiduguri suke shan ruwa kusan rabin awa kafin na Sakkwato, alhali agogon da ke hannunsu ɗaya ne. Rana tana bin tafiyarta a hankali, gari bayan gari. Agogo kuwa yarjejeniya ce ta mutane, hukuma ce take cewa daga nan zuwa nan kowa ya bi lokaci guda.

Yarjejeniyar da ake a kai yanzu ta samo asali ne daga wani taro da ƙasashe suka yi a birnin Washington a 1884, inda aka zaɓi layin da ya ratsa unguwar Greenwich da ke Landan ya zama mafarin awo. Wannan layi ya gangaro har Afirka ta Yamma, ya bi ta garin Tema na ƙasar Gana. Lokacin wannan layi shi ne agogon GMT. Duk wanda ya taso yana sauraren sashen Hausa na gidajen rediyon ƙetare ya saba jin ana faɗin lokacin shiri da agogon GMT, sannan a ƙara da cewa ƙarfe kaza ke nan agogon Najeriya da Nijar. In ka lura, kullum awa ɗaya ake ƙarawa. To wannan shi ne lissafin gaba ɗaya, sai dai a faɗaɗa shi.

Kowane gari yana da lambarsa in aka gwada shi da GMT. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaba da awa 1. Gana tana kan GMT daidai, don haka ɗan uwanka na zangon Kumasi yana bayanka da awa ɗaya, rani da damina. Sudan tana gaba da GMT da awa 2, Saudiyya da awa 3, Dubai da awa 4, Indiya da awa 5 da rabi, ƙasar Sin da Malesiya da awa 8. Mu da muke kan lamba ɗaya, sai mu cire namu ɗayan daga lambar garin da ke gabas, abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakaninmu. Makka da Madina suna gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, Indiya da awa 4 da rabi, Sin da awa 7. Garin da ke yamma da Greenwich kuwa, kamar garuruwan Amurka, lambarsa baya take komawa, don haka a nan tarawa ake yi da namu ɗayan. Garin da ke bayan GMT da awa 6, yana bayanmu da awa 7 ke nan.

Ƙa'idar gajeriya ce: na gabas ya riga ka, sai ka ƙara a kan agogonka, na yamma yana bayanka, sai ka rage. In ta rikice maka, tuna da Harami. Kana zaune a Katsina rana tana sama, ka ga a talabijin ana sallar Magariba a Makka. Makka alƙibla ce, gabas take, kuma ta riga mu ganin faɗuwar rana.

Na ce a tambayi gari, ban ce ƙasa ba, kuma da dalili. Ƙasar Sin duk faɗinta agogo ɗaya take bi, na birnin Beijing. Amurka kuwa, ko da an ajiye Alaska da Hawaii gefe, agogo huɗu gare ta daga gabar gabas zuwa ta yamma. Idan ƙarfe 12 na rana ne a New York, ƙarfe 11 ne a Houston, ƙarfe 10 a Denver, ƙarfe 9 na safe a Los Angeles. Saboda haka wanda ya ce maka ɗansa yana Amurka bai ba ka abin da za ka yi lissafi da shi ba tukuna. Haka Kanada, haka Ostireliya. Ƙasa ma takan wayi gari ta sauya lambarta. Sudan ta yi haka a watan Nuwamba na 2017, ta mayar da agogonta baya da awa ɗaya. Wanda ya yi karatu a Khartoum kafin wannan shekara, ya dawo gida da haddar cewa tazarar awa 2 ce, yau haddarsa ta tsufa, tazarar awa 1 ce.

Yanzu bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ƙaddara wata Hajiya ce a Kano. 'Yarta tana aikin jinya a Houston ta jihar Texas, ɗanta kuma yana harkar kasuwanci a Guangzhou ta ƙasar Sin. Ana so su ukun su haɗu a waya guda domin a tsayar da maganar auren autarsu, kuma watan Janairu ake ciki. A Janairu Houston tana bayan GMT da awa 6, wato tana bayan Kano da awa 7. Guangzhou tana gaban Kano da awa 7. Hajiya ta zama a tsakiya cif, tsakanin 'ya'yan nata biyu kuwa awa 14 ce.

Da farko Hajiya ta ce a yi bayan Isha'i, ƙarfe 8 na daren Asabar, lokacin gida ya natsu. Mu gwada. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ƙirga awowin yini daga 0 zuwa 24, yadda ake rubutawa a takardar jirgin sama, inda ƙarfe 1 na rana yake zama 13, ƙarfe 8 na dare yake zama 20. Na Houston, a cire 7 daga 20, saura 13, wato ƙarfe 1 na rana ranar Asabar. Wannan ya yi wa 'yar daidai. Na Guangzhou, a ƙara 7 a kan 20, ya zama 27. Yini bai wuce awa 24 ba, don haka sai a cire 24, saura 3, kuma an tsallaka zuwa washegari. Ƙarfe 3 na tsakar dare ke nan, Lahadi ta riga ta shiga. Wannan lokaci bai yi ba.

Ita 'yar sai ta kawo nata. Ta ce, "Umma, ni da za a yi ƙarfe 6 na yamma in na taso daga aiki ranar Juma'a, da na fi samun sukuni." A nan fa jan hankali yake, domin lokacin da aka bayar na can ne, ba na Kano ba. Daga Houston aka taso ana nufar gabas, don haka ƙarawa za a yi. Ƙarfe 6 na yamma shi ne 18, a ƙara 7 ya zama 25, a cire 24 saura 1. Ƙarfe 1 na dare ke nan a Kano, an shiga Asabar, Hajiya ta yi nisa a barci. Shi na Guangzhou ƙarfe 8 na safiyar Asabar ne a wurinsa, ya ji daɗi, amma ba za a tashi uwa tsakar dare don daɗin ɗa ba.

Maimakon a yi ta cacar lokaci, ga yadda ake nemo shi. A ɗauki awowin da kowa yake ido biyu, a ce daga ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare, sai a juya su duka zuwa agogo ɗaya, na Kano. Ƙarfe 7 na safe a Houston shi ne ƙarfe 2 na rana a Kano, don haka kafin ƙarfe 2 ba a samun 'yar. Ƙarfe 10 na dare a Guangzhou shi ne ƙarfe 3 na rana a Kano, don haka bayan ƙarfe 3 ba a samun ɗan. Cikin awa 24 kaf, awa ɗaya tak ta rage musu, daga ƙarfe 2 zuwa 3 na rana agogon Kano. A cikinta ma akwai sallar Azahar. Sai a ba Hajiya rabin awa ta idar, a tsayar da ƙarfe 2 da rabi. A Houston ƙarfe 7 da rabi na safe, a Guangzhou ƙarfe 9 da rabi na dare, kuma su ukun duk rana ɗaya suke ciki.

Saura zaɓen ranar. Juma'a ba ta yi ba, domin a Kano lokacin ana sakkowa daga masallaci, gida cike da masu gaisuwa. Ranakun aiki ba su yi ba, domin ƙarfe 7 da rabi na safe 'yar tana hanya ko ta riga ta kama aiki. Asabar ko Lahadi ke nan, in dai ba ta da aikin dare a makon. Kun ga agogo ya ba mu awar, amma sanin halin mutum ne ya ba mu ranar.

To, an tsayar da ƙarfe 2 da rabi duk Asabar, ana ta yi lafiya har Fabrairu ya wuce. Kwatsam wata Asabar a tsakiyar Maris, ƙarfe 1 da rabi Hajiya tana shirin alwala sai ga waya. Ta ce, "Ke kuwa yau lafiya kika yi sammako?" 'Yar ta ce, "Umma, ai ƙarfe 7 da rabi ne kamar kullum." Ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Agogon Houston ne ya matsa.

Ƙasashen da suka yi nisa da tsakiyar duniya, yininsu yakan yi tsawo sosai a lokacin zafi, ya gajarce a lokacin sanyi. Don su ci moriyar hasken yamma, da yawansu sukan tura agogo gaba da awa ɗaya idan zafi ya ƙarato, su mayar da shi idan sanyi ya kawo kai. Mu a nan tsawon yini bai cika bambanta ba, don haka Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru da Chadi ba sa taɓa agogonsu. Saudiyya, Dubai, Indiya da Sin su ma ba sa taɓawa. Amurka kuwa, tun daga 2007, tana tura nata gaba ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, ta mayar ranar Lahadi ta farko a Nuwamba. A 2026 ranakun sun faɗo 8 ga Maris da 1 ga Nuwamba. Tsakanin waɗannan ranaku Houston tana bayan Kano da awa 6 ne, ba 7 ba. New York da Toronto suna komawa 5 maimakon 6, Los Angeles 8 maimakon 9. Ko a cikin Amurkar ba kowa ke bi ba: Hawaii da mafi yawan jihar Arizona ba sa canzawa. In ka duba da kyau, watannin da agogon ke gaba sun kusa takwas, sun fi waɗanda yake zaune a asalinsa yawa.

Maganin abin da ya sami Hajiya shi ne a yanke tun farko agogon wa aka ɗaure alkawarin da shi. Da an ce na Kano ne, to 'yar ce za ta san daga 8 ga Maris kiranta ya koma ƙarfe 8 da rabi na safe. Kuma hakan ya fi, domin mutum biyu cikin uku agogonsu ba ya motsi, sannan wanda ke zaune a ƙasar da ake canjin shi ya fi saurin sanin an canza. Wani alherin kuma, a waɗannan watanni damar haɗuwarsu ta faɗaɗa, ta tashi daga awa ɗaya zuwa biyu, daga ƙarfe 1 zuwa 3 na rana.

Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai su ma suna wannan canji, amma ranakunsu daban: Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. A 2026, 29 ga Maris da 25 ga Oktoba ke nan. A lokacin sanyi Landan tana kan GMT, tana bayan Kano da awa ɗaya. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuwa agogon Landan da na Kano ɗaya ne. Jamus, Faransa da Italiya akasin haka ne: da sanyi agogonmu ɗaya da su, da zafi su wuce mu da awa ɗaya. A nan akwai tarkon da mutane da yawa suke faɗawa, wato ɗaukar cewa agogon Landan shi ne GMT ko da yaushe. A'a. GMT ba ya motsi, Landan ce take barinsa na tsawon wata bakwai. Gidan da yake da ɗa a Amurka da wani a Birtaniya kuma, sai ya kula da mako ukun da ke tsakanin 8 da 29 ga Maris a 2026, lokacin da ɗaya ya canza ɗaya bai canza ba, da kuma mako guda a ƙarshen Oktoba.

Iyayen ɗaliban da ke Masar su ma su sani, ƙasar ta dawo da wannan tsari a 2023. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba Alƙahira tana gabanmu da awa 2, sauran watanni da awa 1. A kudancin duniya kuma lamarin a juye yake, domin zafinsu yana zuwa ne lokacin da Turai ke sanyi. Birnin Sydney na Ostireliya yana gabanmu da awa 9 a watan Yuli, amma a Janairu awa 10.

Akwai wata matsala da ta fi shafarmu mu, wadda lissafin awa kaɗai ba ya warware ta. Mun saba ɗaura alkawari da salla: bayan La'asar, bayan Magariba, bayan Isha'i. A gida wannan ba ya da illa, domin Magaribar Kano tsakanin wajen ƙarfe 6 da kusan 7 take yawo shekara duka. A Landan ba haka ba ne. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai ƙarfe 9 ta gota da kusan minti 20, a Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Ka ce wa ƙaninka na Landan a watan Yuni, "Zan kira ka bayan Magariba." Agogonku ɗaya ne a watan, ba tazarar ko minti guda. Amma kai kana nufin wajen ƙarfe 7 da kwata, shi kuma in Magaribarsa ya ɗauka, sai wajen 10 saura zai fara jiran kira. Sama da awa biyu ke nan tsakanin niyyarka da fahimtarsa. Da azumi abin ya fi fitowa fili: kai ka sha ruwa ka ƙoshi, ka kira ka yi masa barka da shan ruwa, shi kuwa da sauransa. Saboda haka a riƙa duba lokutan sallar garin da za a kira don kada a faɗa cikinsu, amma alkawarin kansa a ɗaura shi da agogo.

Haka kuma a kula da yadda ake ambaton dare. A lissafinmu na addini dare ke riga yini, don haka in dattijo ya ce daren Juma'a, sau da yawa daren Alhamis wayewar Juma'a yake nufi. Yaron da ya girma a can zai ɗauka daren da ke bayan sallar Juma'a ne. Lissafin awar yana iya fita daidai, amma a sami saɓanin kwana guda cur. Faɗin kwanan wata yana kashe wannan.

Idan an riga an yi saɓani, girman kuskuren da kansa yakan nuna inda aka ɓata. In saɓanin awa ɗaya ne cif, kuma a Maris, Afrilu, Oktoba ko Nuwamba ake, to agogon can ne aka tura ko aka mayar. In rabin awa ne, an manta da rabin nan na Indiya. In saɓanin ya ninka tazarar garuruwan sau biyu, to an rage a inda ya kamata a ƙara. Dubi ƙarfe 6 na yamman da 'yar Hajiya ta nema a Janairu. Wanda ya cire 7 maimakon ya ƙara zai kira ta ƙarfe 11 na safe agogon Kano, wato ƙarfe 4 na asuba a Houston, saɓanin awa 14. Yawancin kiran asubar da ke tsinka zukatan 'yan uwanmu na Amurka daga nan yake fitowa. In kuwa saɓanin awa 12 ne, to alamomin AM da PM da ke kan fuskar waya ne suka rikita mutum. AM daga tsakar dare ne zuwa tsakar rana, PM daga tsakar rana zuwa tsakar dare. Mafi ruɗani shi ne ƙarfe 12: 12 PM tsakar rana ne, 12 AM tsakar dare. In da hali a guje wa tsayar da alkawari a kan ƙarfe 12, ko a faɗa da baki, na rana ko na dare.

Kafin a aika saƙon alkawari, a gwada lissafin ta baya. Ka ce ƙarfe 2 da rabi na Kano ya zama 7 da rabi na safe a Houston. To tashi daga Houston ka ƙara 7, in ka dawo 2 da rabi, ya yi. Sannan ka tambayi kanka: garin nan yamma yake da ni, to ashe safiyarsu tana zuwa bayan tawa, amsar da na samu ta yi daidai da haka?

Wani zai ce ai waya tana yin duk wannan. Gaskiya ne, kuma a yi amfani da ita. A cikin manhajar agogo akwai wurin da aka rubuta World Clock, inda za ka sa sunan gari ya riƙa nuna maka lokacinsa, kuma ita da kanta take bin canjin agogo. Yana da kyau yara su saita wa iyaye wannan. Amma a san iyakarta. Lokacin yanzu take nunawa, ba na ranar da za a yi kiran ba. In ka duba ranar 5 ga Maris kana shirya kiran 14 ga Maris, tazarar da ka gani ta Houston ba ita za ka tarar ba. Sannan lokacin da kake gani a jikin saƙon WhatsApp na agogon wayarka ne, ba na wanda ya aiko ba. Saƙon da ya shigo maka ƙarfe 9 na safe ba ya nufin mai shi ya karya kumallo, wataƙila ƙarfe 2 na dare ne a wurinsa bai kwanta ba.

Don haka cikakken alkawari yana ɗauke da abu huɗu: rana da kwanan wata, ƙarfe nawa, safe ko dare, da agogon wane gari. Ya fi kyau a faɗi na kowa. Misali, babban ɗa ya aika saƙon murya ya ce, "Hajiya, in Allah Ya kai mu Asabar 17 ga Janairu, ƙarfe 2 da rabi na rana agogon Kano, wato 7 da rabi na safe a Houston, 9 da rabi na dare a nan Guangzhou." Kowa ya ji nasa, kuma in akwai kuskure, ɗaya daga cikinsu zai gano tun kafin ranar.

Sai batun wa zai ɗauki wahala idan lokaci mai daɗi bai samu ba, kamar tsakanin Kano da Los Angeles ko Sydney. Tarbiyyarmu ta riga ta yanke cewa yaro ke bin lokacin babba, kuma haka ya kamata. Amma na gida su ma su tuna cewa wanda ya kwana yana aiki a asibiti, barcin rana shi ne darensa, kuma rashin ɗaukar waya a irin wannan lokaci ba raini ba ne. Tsakanin sa'o'i da 'yan uwa kuwa, a riƙa karɓa-karɓa, wannan mako wannan ya yi sammako, mako mai zuwa wancan ya jinkirta barci. Abin da ba na gaggawa ba, saƙon murya ya wadatar, mai shi ya saurara in ya farka. A bar kiran tsakar dare ga abin da ya cancanci a tashi mutum dominsa.

Gidan da ke da ɗan uwa a Amurka, Kanada, Birtaniya ko Turai, ya sa alama a kalanda a kan watan Maris da ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, mai ɗa a Masar ya ƙara da ƙarshen Afrilu. Duk lokacin da waɗannan suka zagayo, a sake lissafin daga farko.